Kasafin Kuɗi a Shafi Ɗaya: Rage Masa Kaya Kafin Ka Matse Shi

Ana saura kwana biyu taron iyayen yara, ma'ajin wata makarantar al'umma da ke unguwarmu ya zo mini da takardu shida a hannu, ransa a ɓace. Kasafin kuɗin shekara ne ya shirya a Excel. A fuskar kwamfuta komai tsaf yake: kuɗin shiga a sama, kuɗin fita a ƙasa, watanni goma sha biyu a jere, jimilla a ƙarshe. Da ya kai shagon buga takardu sai firinta ta yayyanka masa shi gida shida. Shafin farko na ɗauke da sunayen abubuwa da watanni biyar. Na uku lambobi ne zalla, ba ka sanin wanne ne albashin malamai, wanne ne kuɗin alli. Jimillar da ita kowa zai fara nema ta koma shafi na biyar da na shida, tare da wasu lissafe-lissafen gefe da ya yi wa kansa, waɗanda bai so kowa ya gani ba.

Yaron shagon ya ce masa, "Baba, bari in matse muku shi a shafi ɗaya." Ya zaɓi Fit Sheet on One Page, takarda ta bakwai ta fito. Komai ya shiga kam, amma rubutun ya zama kamar sawun tururuwa, kuma kusan rabin takardar daga ƙasa fari fat. Shugaban kwamitin makarantar dattijo ne mai sa tabarau, yawancin iyayen da za su karɓi takardar ma ba yara ba ne.

"Malam," in ji ma'ajin, "ko dai sai na sake rubuta shi da hannu ne?"

Ba sai an kai ga haka ba. Matsalar ita ce teburin Excel ba shi da iyakar da ido ke gani, ita kuwa takarda tana da faɗi da tsawo da ba sa ƙaruwa. Abin da mutane suka fi yi shi ne su fara da matsewa, alhali matsewa ce ya kamata ta zo a ƙarshe, bayan an zaɓi abin da za a buga, an kuma auna takardar.

Takardar tukuna

Takardar da ake sayarwa a kasuwanninmu, a Najeriya da Nijar da Gana, ita ce A4: faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7. Amma kwamfutoci da yawa da ke hannun mutane an saita su ne da tsarin Amurka, inda takardar yau da kullum ake kiranta Letter, mai faɗin santimita 21.6 da tsawon 27.9. Ta ɗan fi A4 faɗi, ta kuma fi ta gajarta da kusan santimita biyu. Wanda ya tsara rahotonsa a kan Letter ya buga a A4, lissafin da Excel ya yi na inda shafi zai ƙare ba na takardar da ke cikin firinta ba ne. Don haka matakin farko shi ne a shiga Page Layout, a danna Size, a zaɓi A4. Da muka duba na ma'ajin, a kan Letter yake, yaron shagon ne ya gyara lokacin bugawa bai adana ba.

Ba dukkan faɗin takardar ne naka ba. Excel na barin gefe fari ta kowane ɓangare. A saitin da yake zuwa da shi, wanda ake kira Normal a ƙarƙashin Margins, hagu da dama kowanne santimita 1.78 ne, sama da ƙasa kowanne 1.91. Idan ka cire waɗannan, takarda a tsaye ta bar maka faɗin kusan santimita 17.4 da tsawon 25.9. Idan ka kwantar da ita, wato ka zaɓi Landscape a ƙarƙashin Orientation, faɗin ya zama kusan 26.1, tsawon kuwa ya ragu zuwa 17.2. Layi ɗaya na Excel, in ba a taɓa tsayinsa ba, ya ɗan haura rabin santimita, saboda haka takarda a tsaye na ɗaukar layi 48, a kwance kuwa 32 kacal. Waɗannan lambobi su ne gonar da kake da ita, duk abin da za ka shuka a cikinsu zai tsaya.

Sai muka auna teburin ma'ajin. Hanya mai sauƙi ita ce a shiga View a zaɓi Page Layout, domin a nan Excel na nuna faɗin ginshiƙai da santimita ko inci, tare da ma'auni a sama. Ginshiƙin A, mai sunayen abubuwa, santimita 5 ne. Watanni goma sha biyu, daga B zuwa M, kowanne 2.4, domin ya rubuta kuɗin har da kwabo, irin 1,250,000.00. Jimilla a N 2.8, bayani a O santimita 6, sai P da Q na lissafin gefe. Duka ya kama santimita 47.4. Layuka kuwa 58 ne, tsawon kusan santimita 30.7.

Daga nan babu sauran mamaki. Faɗin 47.4 na buƙatar takarda uku a jere, tsawon 30.7 na buƙatar biyu, uku sau biyu shida. Da yaron shagon ya tilasta wa 47.4 shiga cikin 17.4, sai Excel ya rage komai zuwa kusan kashi 36 cikin ɗari. Rubutu mai girman 11 ya koma kamar mai girman 4. Ko da ya kwantar da takardar, kashi 55 zai samu, wato girman 6, wanda har yanzu ƙanƙanta ce da ba za a miƙa wa dattijo ba.

Shata iyakar abin da za a buga

Idan ba ka gaya wa Excel komai ba, zai buga daga gidan A1 har zuwa gida mafi nisa da ke ɗauke da wani abu. Wani abun nan ba lallai ya zama lamba ba. Yana iya zama zanen kan iyaka da aka ja ya wuce teburin, ko launi, ko ma tazara ɗaya da yatsa ya danna bisa kuskure a wani gida can nesa, wadda ido ba ya gani amma Excel na ƙirga ta. Daga nan ne fararen shafuka ke fitowa a ƙarshen bugu, mai shago kuma ya ƙirga su cikin kuɗinsa. Danna Ctrl da End tare zai kai ka gida mafi nisa da aka taɓa amfani da shi. In ya jefa ka can wajen ginshiƙin Z ko layi na ɗari uku alhali teburinka ya ƙare a 58, ka san akwai shara a tsakani.

Maganin shi ne Print Area. Ka zaɓi daga gidan farko zuwa na ƙarshe na abin da kake so ya fito, ka shiga Page Layout, ka danna Print Area, sannan Set Print Area. Ga ma'ajin mun zaɓi daga A1 zuwa N58, muka bar bayanan O da lissafin P da Q a waje. Ba a goge su ba, suna nan a kwamfuta, takarda ce kawai ba za ta gan su ba. Faɗi ya sauko daga 47.4 zuwa 36.6 ba tare da an matse ko harafi ɗaya ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke aiki da Excel na Faransanci za su sami wannan a ƙarƙashin Mise en page, da sunan Zone d'impression.

Excel na riƙe wannan iyaka a matsayin suna, ana adana ta tare da fayil ɗin. Wanda ya buɗe Name Manager a ƙarƙashin Formulas zai ga Print_Area, a gabansa kuma:

```
=Kasafi!$A$1:$N$58
```

Akwai tarko biyu a nan, na biyun ya fi haɗari. Na farko: idan ka zaɓi wurare biyu da ba su haɗe ba, misali ginshiƙin A da kuma ginshiƙin N kana riƙe da Ctrl, ka sa su a matsayin Print Area, Excel ba zai jera su gefe da gefe ba. Kowanne zai fito a shafinsa daban. Wanda ke son ya tsallake ginshiƙan tsakiya sai ya ɓoye su da Hide, domin ɓoyayyen ginshiƙi ba ya fitowa a takarda, sannan ya shata iyaka guda ɗaya a kan duka.

Na biyu: iyakar ba ta bin ka idan ka ƙara abu a ƙasanta. Idan ka cusa sabon layi a tsakiyar teburin, iyakar za ta buɗe da kanta ta koma N59. Amma idan wata uku nan gaba ka rubuta sabon abu a layin da ke ƙasan iyakar, ko ka sauko da jimilla zuwa can, firinta ba za ta buga shi ba, kuma babu wani gargaɗi da zai fito. Na taɓa ganin rahoton wata ƙungiya da aka raba a taro babu layin ƙarshe, wanda shi ne ke nuna giɓin da ke tsakanin shiga da fita. Ba da gangan aka yi ba, tsohuwar iyaka ce ta bara ta yanke shi. Amma a maganar kuɗin jama'a, wa zai tsaya ya saurari bayanin Print Area? Zargi ya riga ya shiga zukata. Shi ya sa duk lokacin da na taɓa tebur, kafin in buga sai na duba layin ƙarshe da idona. Haka kuma dogon rubutu da ya malala daga ginshiƙin ƙarshe zuwa waje, iyakar za ta datse shi a tsakiyar kalma, sai an sa masa Wrap Text ko an gajarta shi.

Tambayar da ta fi maɓalli muhimmanci

Yanzu muna da santimita 36.6 da layi 58. A tsaye, ko an rage gefe, kashi 54 za a samu. A kwance tsawon ne zai hana, kashi 56. Duk inda aka juya, girman rubutu 6 ne. A nan na ajiye linzamin kwamfutar na tambaye shi: "Alhaji, su iyayen nan, me suke son sani?"

Ya yi shiru kaɗan, ya ce suna son su san nawa ake sa ran zai shigo, ina za a kashe shi, da kuma ko ya fi na bara. Babu wanda zai tambayi kuɗin alli na watan Fabrairu. Makaranta ma da zango take lissafi, ba da wata ba.

Teburin aiki daban, rahoto daban. Teburin aiki na ma'aji ne, yana buƙatar kowane wata da kowane kwabo. Rahoto na mai karatu ne, wanda zai riƙe takarda minti biyar a cikin hayaniyar taro. Don haka muka bar fallen da ya sa wa suna Kasafi yadda yake, muka buɗe sabon falle a cikin fayil ɗin muka kira shi Rahoto. Ginshiƙai shida kawai muka yi masa: sunan abu, zango na ɗaya, na biyu, na uku, jimillar bana, jimillar bara. Ba mu sake rubuta ko lamba ɗaya ta bana da hannu ba. Shekarar tasu daga Satumba take farawa, saboda haka zangon farko shi ne watanni huɗu na farko, B zuwa E:

```
=SUM(Kasafi!B5:E5)
```

Zango na biyu F zuwa I, na uku J zuwa M. Amfanin wannan shi ne duk gyaran da ya yi a Kasafi zai bayyana a Rahoto da kansa, ba za a wayi gari takardun biyu suna faɗin abu daban-daban ba. Ƙananan abubuwa irin su alli, rajista da jan biro muka haɗe su a layi ɗaya mai suna kayan rubutu. Da kan takarda da wurin sa hannun ma'aji da shugaba, layuka suka tsaya a 50.

Faɗin sabon teburin: 5.5 na sunaye, 2.6 sau uku na zanguna, 2.8 sau biyu na jimilla, duka 18.9. Takarda a tsaye na ba da 17.4. Ratar santimita ɗaya da rabi ce kawai, kuma irin wannan ƙaramar rata ita ce aikin da aka yi matsewa dominsa.

Width, Height da lambar da ke ƙarƙashinsu

A cikin Page Layout akwai wani rukuni mai suna Scale to Fit, da akwatuna uku: Width, Height, Scale. Biyun farko suna zuwa a kan Automatic, na ukun a kan 100%. Idan ka sa Width a kan 1 page ka bar Height a kan Automatic, ka ce wa Excel ke nan: duk ginshiƙaina su shiga faɗin takarda ɗaya, tsawo kuwa ya tafi iya shafukan da yake buƙata. Wannan shi ne abin da ake gani a wurin bugawa da sunan Fit All Columns on One Page. Idan ka sa duka biyun a kan 1 page, shi ne Fit Sheet on One Page, wanda yaron shagon ya danna.

Ni da Width kaɗai nake farawa, ko da shafi ɗaya nake nema. Dalili shi ne yana gaya mini gaskiya. Da zarar ka sa shi, akwatin Scale zai dushe, ba za ka iya rubutu a ciki ba, amma zai nuna lambar da Excel ya zaɓa. A Rahoto ya nuna kusan kashi 92. Rubutu mai girman 11 ya koma kusan 10, wanda kowa zai karanta. Layuka 50 ɗin, da suke santimita 26.5, sun koma 24.4, sun shiga cikin 25.9 da ɗan saura. Shafi ɗaya ya samu ba tare da an tilasta wa tsawo ba. Da a ce layi biyu ko uku sun zube zuwa shafi na biyu, a lokacin ne zan sa Height a kan 1 page, in sake kallon lambar in ga nawa ta sauka.

Wannan lamba ta Scale ita ce ma'aunin aikin gaba ɗaya. Ka ninka ta da girman rubutunka, ka san abin da zai fito a takarda. A ganina, duk abin da ya sauka ƙasa da girman 8, wato kusan kashi 70 zuwa 75 ga mai rubutu da 11, bai dace a raba wa jama'a ba, musamman da yake takardar taro ba ta tsayawa a bugun farko: za a yi mata hoto a injin kwafi, wani ma zai ɗauke ta da waya ya tura wa wanda bai zo ba. Kowane mataki na cin ƙananan lambobi, har 3 ta koma kamar 8. Idan ka ga lambar ta faɗi ƙasa da haka, kada ka nemi wani maɓalli, ka koma kan teburin ka rage masa kaya.

Abu ɗaya da ke ruɗa mutane: wannan saiti ragewa kawai yake yi, ba ya ƙarawa. Ƙaramin tebur mai faɗin santimita goma zai zauna a kusurwar hagu ta sama ko ka sa 1 page. Mai son ya cika takarda sai ya mayar da Width da Height kan Automatic, ya ɗaga Scale da hannu zuwa 120 ko 130, yana duba kada ya tsallaka. Excel na karɓar daga kashi 10 zuwa 400. Don teburin ya zauna a tsakiya kuwa, a cikin Margins akwai Custom Margins, inda za a sa alama a Horizontally ƙarƙashin Center on page.

In an ce dole sai watanni sha biyu

Washegari ma'ajin ya dawo. Mai binciken kuɗi na kwamitin ya ce shi kam wata-wata yake so, ba zango ba. Hakkinsa ne, kuma shi ma akwai hanya biyu.

Ta farko ita ce a rage tsawon lambobin. Abin da ya kumbura ginshiƙan watanni shi ne sifirai da kwabo. A kasafi, wanda hasashe ne na abin da za a kashe, kwabo ba ya ƙara wa kowa sani. Ana iya sa Excel ya nuna kuɗin da dubbai ba tare da ya canja ainihin lambar ba: a zaɓi gidajen, a danna Ctrl da 1, a shiga Custom, a rubuta:

```
#,##0,
```

Waƙafin ƙarshen nan ne ke cire sifiri uku daga gani, sai 1,250,000.00 ta fito 1,250. Lissafi na ci gaba da tafiya da cikakkiyar lambar. Da haka kowane wata ya sauko zuwa santimita 1.6, jimilla zuwa 2, faɗin duka ya zama 26.2. Da aka zaɓi Narrow a Margins, wanda ke rage hagu da dama zuwa 0.64, takarda a tsaye ta ba da 19.7, Scale ya tsaya a kusan 75, layi 58 ɗin kuma suka shiga. Shafi ɗaya, girman rubutu 8, a bakin iyaka. Wajibi ne a rubuta a saman takardar cewa lambobin da dubban naira suke, a kuma sani cewa mai tarawa da kalkuleta zai iya samun bambancin ɗaya ko biyu a jimilla, saboda kowace lamba an kai ta ga dubun da ya fi kusa. Idan aka matse ginshiƙi fiye da kima, Excel zai cika gidan da alamar ##### maimakon lamba, kuma haka zai buga ta, don haka a bi ginshiƙin jimilla da ido, shi ne ya fi yawan faɗawa wannan.

Mai binciken bai yarda da dubbai ba, cikakkun lambobi yake so. To, a nan gaskiya ita ce shafi ɗaya ba zai yiwu ba, kuma shafi biyu masu karantuwa sun fi ɗaya da ba ya karantuwa. Muka koma kan 36.6, takarda a kwance, gefe Narrow, Width a kan 1 page: kusan kashi 77. A wannan girma shafi na ɗaukar layi 42, saboda haka Excel ya yanka teburin a tsakiyar kuɗin fita, gyaran rufi a wannan shafi, gyaran benci a wancan.

Inda ake ganin wannan yanka shi ne View, sannan Page Break Preview. Abin da ke cikin iyakar bugu zai fito fari, na waje toka-toka, da lambar kowane shafi a rubuce a bayan teburin. Shuɗin layi mai ɗigo-ɗigo yankan da Excel ya yi da kansa ne, shuɗin layi miƙaƙƙe kuwa wanda mutum ya sa ne. Kuɗin shiga na ma'ajin ya ƙare a layi na 18, kuɗin fita ya fara a na 20, nan ne gaɓar da ta dace a raba. Ana danna gidan A20, a shiga Page Layout, Breaks, Insert Page Break. Yankan na faɗawa ne a saman gidan da aka zaɓa da kuma hagunsa, shi ya sa dole a tsaya a ginshiƙin A. Wanda ya tsaya a D20 zai sami yanka biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, teburinsa ya rabu huɗu. In abin ya rikice, Reset All Page Breaks na share duk wanda aka sa da hannu.

Ana iya jan shuɗin layin da linzami, amma a yi hattara: idan ka ja mai ɗigo-ɗigon zuwa waje don ƙarin layuka ko ginshiƙai su shiga, Excel zai rage Scale a ɓoye don ya cika maka burinka. Mutane da yawa a nan rubutunsu ke ƙanƙancewa ba su san dalili ba.

Sai wani saɓani da ya kamata a sani. Bayanin Microsoft kansa ya ce Excel ba ya kula da yankan hannu idan ana amfani da Fit to. Hanyar da ba ta ba ni kunya ita ce in bar Width ya nemo mini lambar, in riƙe ta, in mayar da shi kan Automatic, sannan in rubuta lambar da kaina a Scale, ko in rage ɗaya don samun sarari. Mun rubuta 76, muka sa yankanmu a layi na 20, ya zauna daram. Shafi na biyu kuma don kada ya fito babu sunayen watanni, a Print Titles muka cika akwatin Rows to repeat at top da layin da ke ɗauke da su:

```
$4:$4
```

Layi 39 na kuɗin fita da layin watanni ɗaya, arba'in ke nan, cikin 42 da shafin ke ɗauka.

Daga kwamfutarka zuwa firintar wani

Gani ya kori ji: Ctrl da P na nuna takardar yadda za ta fito, kuma a ƙasa akwai ƙidayar shafuka. Ga Rahoto ya kamata a ga 1 of 1. A nan nake duba kusurwa huɗu, ginshiƙin ƙarshe na dama da layin ƙarshe na ƙasa musamman, in kuma tabbata an zaɓi Print Active Sheets, ba Print Entire Workbook ba, don kada teburin aiki da lissafin gefe su biyo rahoton. Duk waɗannan saituna na falle ɗaya ne, abin da aka yi wa Rahoto bai shafi Kasafi ba.

Sauran abu ɗaya, wanda ya fi shafar mu da ba mu da firinta a gida. Excel na lissafin shafi ne da taimakon firintar da aka haɗa wa kwamfutar. Fayil ɗin da ya zauna a shafi ɗaya a wurinka zai iya zubar da layi biyu a kwamfutar shago, saboda firintarsu daban ce, ko ba su da irin harafin da ka yi amfani da shi. Don haka ba fayil ɗin Excel ake kai wa shago ba. A shiga File, Save As, a zaɓi PDF, a buɗe shi a tabbatar shafi ɗaya ne, sannan a tura wannan. Ya kuma rufe wata ƙofa: wanda ya karɓi PDF ba zai ga ginshiƙan da aka ɓoye ko bayanan da aka bari a waje ba, alhali mai fayil ɗin Excel danna biyu ya ishe shi ya buɗe su.

Ma'ajin ya tura PDF biyu ta waya, na iyaye mai shafi ɗaya da na mai bincike mai shafi biyu. Na ce masa idan ya je ya sa a fara buga kwafi ɗaya tak, a girmansa na ainihi, wato Actual size, ya riƙe shi a nisan hannu ya karanta layin jimilla da lambar da ta fi kowace ƙanƙanta, kafin ya ce a buga sauran. Da la'asar ya kira ni daga shagon, ya karanto mini jimillar zango na uku daga takardar, ta yi daidai da ta kwamfuta, sannan na ji yana ce wa yaron ya ci gaba.